Labari Ba Ya Tafiya da "Sun"

Akwai wata shawara da ke yawo a zaurukan marubuta, ana raba ta kamar goron ɗaurin aure: "Ka tsaya a lokaci ɗaya. In ka fara labari da shuɗaɗɗen lokaci, kada ka fita daga cikinsa har ka kai ƙarshe." Mai ba da ita yana ganin ya taimaka, mai karɓa kuma ya yi godiya ya koma ya dagula rubutunsa. Ni a ganina wannan shawara ɓarnar da take yi wa labarin Hausa ta fi gyaran da take yi. Daga ajin Turanci aka ɗauko ta, can take da amfani, aka kawo ta nan aka jibga wa harshen da ba a ɗinka ta dominsa ba.

Kada a yi mini gurguwar fahimta. Matsalar da ake son magancewa tana nan, kuma babba ce. Duk mai karanta labaran da ake sakawa a waya kullum ya san wannan yanayi: kana cikin karatu, sai ka tsaya ka koma sama, domin ka rasa ko abin da kake karantawa ya faru ne yanzu, ko tun bara, ko kuwa kullum yake faruwa. Ciwon gaskiya ne, maganin ne ba nasa ba. An bar jaki ana dukan taiki.

Abin da "lokaci" yake nufi a Hausa

A makaranta an koya mana cewa "sun tafi" shuɗaɗɗen lokaci ne, "suna tafiya" lokaci mai ci ne, "za su tafi" lokaci mai zuwa ne. Sunayen nan sun sa mutane da yawa suna zaton na farko jiya ne, na biyu yau, na uku gobe. To, a duba waɗannan jimloli uku, waɗanda kowane Bahaushe zai faɗa ba tare da ya yi tunani ba:

Gobe war haka sun isa Agadas.

Bara war haka suna Kano suna sayar da atamfa.

Jiya za su fita ke nan sai ruwa ya sauko.

A ta farko "sun" tana magana a kan gobe. A ta biyu "suna" tana magana a kan bara. A ta uku "za su" tana magana a kan jiya. Babu wadda ta karya ƙa'ida. Abin da waɗannan ƙananan kalmomi suke faɗa shi ne halin da aiki yake ciki: ya kammala, ana cikinsa, ko ba a fara ba tukuna. Ranar da ake auna wannan halin kuwa, wasu kalmomi ne ke kawo ta, irin su "gobe", "bara", "rannan", "washegari", ko kuma labarin da kansa. Da zarar marubuci ya kafa ranar, duk sauran kalmomin daga ita suke lissafi.

Shi ya sa "ya ce zai zo" take zaune daram a cikin labarin da ya faru shekara hamsin da suka wuce. Wanda ya ga "zai" a nan ya ce marubuci ya tsallaka zuwa lokaci mai zuwa, bai karanta Hausa ba, Turanci yake karantawa da haruffan Hausa. Labarin da aka cire wa "yana" da "zai" da "yakan" don wai a tsaya a lokaci ɗaya, sai ya koma kamar rahoton 'yan sanda: an yi, an yi, an yi, babu inda mutum zai tsaya ya ga ɗakin da ake ciki.

Mai jan labari da mai ba da rahoto

Daidaiton da labarin Hausa yake bukata yana wani wuri dabam. Muna da hanya biyu ta faɗin aikin da ya kammala: "sun tafi" da "suka tafi", "mun ci" da "muka ci", "an yi" da "aka yi". Littattafan makaranta sun kira su shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya da na biyu, kamar dai kaya biyu ne iri ɗaya a kanti, ka ɗauki wanda ka ga dama. Lambar ba ta gaya wa ɗalibi komai a kan aikinsu, alhali aikinsu ya sha bamban.

"Sun" tana tsayar da kai a wuri ɗaya ta gaya maka abin da ya riga ya kammala. "Suka" tana ɗaukar ka daga wannan aiki ta kai ka na gaba. In na ce "Baƙi sun zo", na gama magana, kana iya tashi ka kai musu ruwa. In na ce "Baƙi suka zo", za ka dube ni ka ce, "Sai aka yi yaya?" Kunnenka ya san akwai abin da ya gabata, akwai kuma mai biyowa. Masana nahawu irin su Paul Newman, a babban littafinsa na 2000, da Philip Jaggar a nasa na 2001, duk sun bayyana wannan aiki na jera aukuwa ɗaya bayan ɗaya a cikin labari. Amma ba sai ka je gare su ba. Buɗe *Magana Jari Ce* ta Abubakar Imam, wadda ke hannun mutane tun shekarun 1930, ka bi shafi guda da yatsa. Za ka ga "suka" da "aka" ne ke ɗauke da tafiyar, sauran kuma suna shigowa su yi aikinsu su fita. Kakarka da ba ta taɓa shiga aji ba haka take yi in tana tatsuniya.

Ga yadda rabon aikin yake a cikin 'yan layuka:

Da 'yan kasuwa suka iso tasha, sai suka tarar motoci sun tashi. Masu abinci suna kwashe kwanuka. Suka tsaya suka yi shawara, suka yanke za su kwana a masallaci.

Abubuwa huɗu ne a nan, kuma babu wanda ya taka wani. "Suka" ta ja agogon labari gaba taki-taki. "Sun tashi" ta faɗi abin da ya kammala kafin su iso. "Suna kwashe" ta nuna abin da ake ciki a daidai lokacin. "Za su kwana" ta leƙa abin da ke gaba. Mai bin shawarar nan ta lokaci ɗaya zai ga laifi uku a wannan sakin layi, alhali babu ko ɗaya.

Yanzu a ga abin da ke faruwa in aka ba "sun" aikin da ba nata ba:

'Yan kasuwa sun iso tasha. Sun tarar motoci sun tashi. Sun tsaya sun yi shawara. Sun yanke za su kwana a masallaci.

Wannan ya "tsaya a lokaci ɗaya" sarai, kuma ya mutu. Kowace jimla tana rufe ƙofa bayanta. Mafi muni, "sun tarar" da "sun tashi" sun zama kama ɗaya, bambancin da ke tsakanin abin da ya faru a gaban idonmu da wanda ya faru kafin mu zo ya ɓace. Wannan muryar kanun labarai ce, inda kowane layi sanarwa ce mai zaman kanta. A can daidai take. Ina zargin yawan karanta ta a waya ne ya sa take malalowa cikin ƙagaggun labarai, har wasu suna ɗauka ita ce Hausar masu ilimi.

Inda ɓarnar take ɓuya

Mai karatu zai ce, ai wannan kuskure a fili yake, wa zai yi shi? Gaskiya ne, in 'yan wasa suna da yawa kunne yakan kama shi. Amma yawancin labarai a kan mutum ɗaya suke, namiji ko mace, kuma a nan ne rubutun boko ya yi mana rowa.

A baki, "ya" ɗin da ke daidai da "sun" dogo ne, ana jan sa. Wanda ke daidai da "suka" gajere ne, muryar tana sama. Akwai na uku, wanda ke daidai da "su" a cikin "su tafi", shi ma gajere ne amma muryar tana ƙasa. Daidaitacciyar ƙa'idar rubutunmu ba ta nuna tsawon wasali, ba ta nuna hawa da saukar murya. Saboda haka kalmomi uku masu aiki uku suka koma harafi biyu a kan allo: ya, ya, ya. Haka "ta", haka "ka". Basakkwace ya fi mu sa'a a nan, domin a bakinsa na biyun yakan manne da baƙin da ke binsa, ya ce "yaz zo", "tac ce", kamar yadda yake cewa "sunka" da "munka". In ya rubuta yadda yake magana, ido yana ganin bambancin. Mu masu bin daidaitacciyar Hausa ba mu da wannan gata.

Duba jimla ɗaya kawai: "Sai ya tafi." Tana iya zama "sai suka tafi", wato aukuwa ce a cikin labari. Tana iya zama "sai su tafi", wato al'ada ce ko shawara. Tana iya zama "sai sun tafi", kamar a "ba za mu ci ba sai sun tafi". Ma'ana uku, rubutu ɗaya. Marubucin da ke bugawa da babban yatsa yana jin muryar a kansa, shi ya san wanne yake nufi. Mai karatu ba ya cikin kansa. Abin da ke kan allo kaɗai yake da shi, da jimlar da ta gabata, wadda daga ita yake hasashen yadda zai furta ta gaba.

Sana'ata rubuta manhaja ce, kuma a wannan sana'a kuskuren da ya fi ba da tsoro shi ne wanda ba ya tsayar da komai. Manhaja tana ta aiki, ba ta yi ƙorafi ba, amma lissafin da take fitarwa ba daidai ba ne. Irin wannan ba a kama shi da kallo. Sai an canza abin da ake ba ta da gangan, an ga yadda za ta yi. Wannan dabarar ce nake kira marubuta su ara: ka mai da mutum ɗaya mutane da yawa. Duk inda ka rubuta "ya" ko "ta", ka tilasta wa kanka zaɓi tsakanin "su", "sun" da "suka". Jam'i ba ya ɓoye komai.

Mu gwada a kan mai shayi

Ga sakin layi irin wanda ake gani kullum, babu kuskuren harafi ko ɗaya a cikinsa:

Kullum mai shayi yakan fito da asuba, ya hura wuta, ya ɗora tukunya. Ya tarar an fasa masa rumfa. Ya ajiye buhun burodi, ya zauna a kan benci, yana kallon kwaɗon da aka karya. Ya ranci kuɗi ya sayi kwaɗon, ya yi alkawari zai biya bayan salla. Sai ya tashi ya nufi gidan mai unguwa.

Akwai "ya" guda 10 a nan, duk kama ɗaya. Mai gyaran da ke neman lokaci ɗaya zai ja layi a ƙarƙashin "yakan", "yana" da "zai", waɗanda su ne lafiyayyu, ya bar gomar nan su wuce. Mu kuwa mu mai da mai shayi masu shayi, mu bi su ɗaya-ɗaya.

Biyun farko ba gardama: sukan fito da asuba, su hura wuta, su ɗora tukunya. Bayan "kan", jerin ayyukan al'ada da "su" yake tafiya. Ba a cewa "sukan fito suka hura wuta".

Na uku ne wurin tuntuɓe na farko. Mai karatu yana cikin jerin al'ada, kunnensa ya saba da "su, su", saboda haka in ya ga "ya tarar" zai karanta shi a matsayin "su tarar an fasa musu rumfa", wato kullum sai an fasa. Marubuci kuwa "suka tarar" yake nufi, rana guda. Amma gwada faɗin ta da baki: "Sukan fito, su hura wuta, su ɗora tukunya. Suka tarar an fasa musu rumfa." Nan take za ka ji wani abu ya yi rataye. Yaushe suka tarar? An fita daga al'ada an shiga aukuwa ba a buɗe ƙofa ba. Abin da ya ɓata shi ne rana, kuma ita za a kawo.

"Ya ajiye" da "ya zauna" suna bin sawu: suka ajiye, suka zauna. Lafiya lau.

Tuntuɓe na biyu ya fi na farko haɗari. Mai karatu yanzu yana cikin jerin "suka", sai ya ci karo da "ya ranci kuɗi ya sayi kwaɗon". Zai karanta "suka ranci kuɗi suka sayi kwaɗo", ya ɗauka mutumin ya tashi daga benci ya je ya ciwo bashi ya sayo sabo. Marubuci kuwa baya ya koma: sun ranci kuɗi sun sayi kwaɗon tun tuni, wannan ɗin da aka karya. Duk zafin labarin a nan yake, cewa abin da aka lalata ba a ma gama biyan kuɗinsa ba. Harafi biyu suka haɗiye shi.

Na ƙarshe, "sai ya tashi ya nufi gidan mai unguwa": suka tashi suka nufi. To, amma daga ina suka tashi? Daga bencin ranar fashin, ko daga wurin mai ba da rance? Tunda ba a sanar da komawa baya ba, ba a kuma sanar da dawowa ba, mai karatu sai ya yi canke.

Jimillar lissafi: "su" 2, "suka" 5, "sun" 3. Sau uku aka sauya hanya, kuma ko sau ɗaya ba a ɗaga hannu ba. Ga gyaran:

Kullum mai shayi yakan fito da asuba, ya hura wuta, ya ɗora tukunya. Ranar Talata da ya fito, sai ya tarar an fasa masa rumfa. Ya ajiye buhun burodi, ya zauna a kan benci yana kallon kwaɗon da aka karya. Wata biyu ke nan da sayensa, kuma da kuɗin rance ya saye shi, bisa alkawarin zai biya bayan salla. Har ranar bai biya ko kwabo ba. Da gari ya waye sosai, ya tashi ya nufi gidan mai unguwa.

A lura ba a taɓa "yakan", "yana" da "zai" ba. Ƙofofi uku kawai aka sa. "Ranar Talata da ya fito" ta rufe al'ada ta buɗe aukuwa. "Wata biyu ke nan" ta ce mun waiwaya. "Da gari ya waye sosai" ta dawo da mu kan benci. A kuma lura da "har ranar". Da an rubuta "har yau", da mai ba da labari ya fito daga ranar Talata ya tsaya a ranar da kake karatu. Irin wannan zamewar ce ke haifar da jimloli kamar "gobe da safe suka kama hanya", inda "washegari" ce ta dace. "Gobe" da "jiya" da "yau" na bakin 'yan wasa ne in suna magana, domin su agogonsu ke hannunsu. Mai ba da labari nasa su ne "washegari", "ranar", "kwana biyu kafin nan".

Iyakar gwajin

Ba zan sayar da wannan dabara a matsayin maganin kowace cuta ba. Tana da wurare uku da dole a yi hattara.

Na farko, ba kowace "suka" ce ke jan labari ba. A "yaran da suka zo", da "su wa suka zo?", da "su ne suka zo", ginin jimla ne ya tilasta ta, ko ana labari ko ba a yi. Irin wannan ba ta motsa agogo. A gyaran da ke sama, "da kuɗin rance ya saye shi" irin ta ce.

Na biyu, korewa tana haɗe su. "Ba su zo ba" ita ce kishiyar "sun zo", ita ce kuma kishiyar "suka zo". A nan jam'i ba zai nuna maka komai ba, sai ka dubi jimlolin da ke kewaye.

Na uku shi ne waiwaye mai tsawo. In komawa baya ta wuce jimla biyu ko uku, ita ma takan zama labari, ta koma tafiya da "suka" kamar babbar hanya. Hausa ba ta da wata kalma ta musamman da za ta riƙa tuna maka a kowane layi cewa har yanzu a baya muke. Saboda haka ƙofar shiga da ta fita su ne komai. Wanda ya shiga waiwaye a kashi na 12 na labarinsa, ya saki kashi na 13 bayan kwana biyu ya fara da "sai ta miƙe", bai kamata ya yi mamaki ba in masu karatu suka tambaye shi ko matar da ta rasu ce ta dawo.

Masu cewa salo ne

Na san amsoshin da za a ba ni. Wani zai ce mai karatu zai gane ai. Zai gane, bayan ya koma sama sau biyu. Amma wanda ke karatu a cikin a-daidaita-sahu, da waya a hannu ɗaya, saƙonni suna faɗowa a saman allo, ba ya bin ka bashin komawa sama. Kuma ko ya koma, ka riga ka yi asarar abin da ka gina: lokacin da ya kamata gabansa ya faɗi saboda mai shayi, ya ɓatar da shi wajen warware wane kwaɗo ake nufi.

Wani zai ce Bahaushe ba ya kuskure a harshensa. A baki, kusan haka ne. Mutumin da ya rubuta sakin layin can, in ka zaunar da shi ya ba ka labarin, ba zai yi tuntuɓe ko ɗaya ba, domin murya za ta rarrabe masa. Rubutu ne ya cire muryar, kuma sanin abin da rubutu ya cire shi ne rabin aikin marubuci.

Sai masu cewa salo ne, musamman waɗanda suka ga ana rubuta labari cikin lokaci mai ci a wasu harsuna suka ce su ma sai sun yi. Sai ka ga: "Yana shiga ɗaki. Yana zama. Yana ɗaukar waya." Wannan ba ya kawo kusancin da ake nema, domin a Hausa "yana shiga ɗaki" a farkon magana tana nufin da shigarsa, kuma kunne yana jiran "sai ya ga…". Ka ba shi alkawari uku ba ka cika ko ɗaya ba. In kana son sanin yadda Hausa take faɗin abin da ke faruwa a gaban ido, saurari mai sharhin ƙwallo a rediyo: ya karɓa, ya yanke, ya buga. Abin yana faruwa yanzu-yanzu, amma da kammalallen aiki yake bin sa, domin kowane taki yana ƙarewa kafin na gaba ya zo. Ba na hana kowa gwaji. Wanda ya san wannan ya karya shi da gangan, don ya nuna ruɗewar mai zazzaɓi ko mai mafarki, ya yi abin da ya sani. Alamar mai gangan ita ce in ka tambaye shi "su, sun ko suka?" zai amsa nan take. Wanda ya tsaya yana sosa ƙeya, ba salo yake yi ba.

In labarin naka ne

Abin bai tsaya ga ƙagaggen labari ba. Mai rubuta tarihin kansa, ko takardar gabatar da kai wajen neman aiki ko tallafin karatu, yana cikin wannan tarko, domin "na" ma biyu ce a baki, ɗaya a rubuce. Gwajinsa shi ne ya mai da "ni" ta zama "mu". "Muka koyar shekara biyu a ƙauye" mataki ne a kan hanya, mai karatu yana jiran abin da ya biyo baya. "Mun koyar shekara biyu a ƙauye" kaya ne da ke hannunka yau, hujja ce kake ajiyewa a kan tebur. Irin wannan takarda tana bukatar duka biyun, kowanne a wurinsa: tafiyar da ta kawo ka da "muka", abin da ka zo da shi da "mun", abin da kake yi da "muna", abin da kake nema da "za mu". Wanda ya cakuɗa su, sai mai dubawa ya rasa ko sana'ar da aka ambata an bar ta tun 2018 ko har yanzu ana yi. Wanda kuma ya bi shawarar lokaci ɗaya ya zuba komai a jerin "muka", ya rubuta labarin mutumin da komai nasa ya wuce.

Saboda haka roƙona ga masu gyara da masu koyarwa da manyan zaure ɗaya ne. Ku daina rubuta wa yara "ka tsaya a lokaci ɗaya" a gefen aikinsu. Ba ta nuna musu layin da ya karye, kuma takan sa su goge wanda yake lafiya. Ku nemo ainihin "ya" ɗin da ya sa kuka koma sama, ku ja masa layi, ku tambayi mai shi: su ne, sun ne, ko suka? In amsarsa ta bambanta da ta jimlar da ta gabata, ku ce ya nuna muku kalmar da ta sanar da mai karatu. In babu, ya sa ta.